Giwan Ruwa a Gidan Mahauta

A unguwarmu ta Hausare, nan cikin Garuwa, a zamanin mulkin Ahijo, kowa ya san tabarmar zauren Malam Halliru mahauci. Duk ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, nan dattawan layin ke haɗuwa, kowane gida a aiko da kwanonsa, a baje a ci tare. Kusan dukansu mahauta ne ko dillalan shanu, saboda haka ba sai an tambayi me ke cikin kwanonin ba. Nama ne, wani da ganda, wani da jijiya, wani da ƙashin da za a yi ta gwagwiya ana musu a kan shanun Bogo da na Adamawa.

Sai ga shi mai zauren da kansa ya fara zille wa tabarmarsa. Wannan Juma'a ya ce cikinsa ne, waccan ya ce azumin nafila yake yi, ta gaba kuma ya ce zai je duba wani maras lafiya a Yelwa. Abokansa suka yi ta mamakin wannan tsoron Allah da ya sauko masa rana tsaka. Matarsa Luba kuwa ba ta yi mamakin komai ba. Ta san turamen haƙoransa sun zube ɗaya bayan ɗaya, na gaba ne kawai suka rage suna riƙe masa mutunci. Mutumin da a da yake fasa ƙashin haƙarƙari da baki, yanzu tsoka ɗaya sai ya yi ta juya ta a dasashi har miya ta huce.

Shi bai faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Shekara talatin da wani abu suna tare, sun saba da irin wannan shirun. Amma rigunansa sun fara yi masa yawa, kuma duk Juma'a in ta ji dariyar mutane a zaure, ta waiga ta gan shi kwance a ɗaki yana sauraron Rediyo Garuwa shi kaɗai, sai tausayinsa ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Ta gwada dafa masa nama har ya narke, ya ture kwanon ya ce shi ba mai jego ba ne. Ta gwada niƙaƙƙe, ya ce ta kai wa jikokinta. Halliru irin mutanen nan ne da gara su kwana da yunwa da a gan su da abincin tsofaffi.

Dabarar ta zo mata ne a gidan maƙwabciyarta Ƙaltume, matar wani mai kanti, 'yar Kusiri, wadda aka haifa a gidan masunta. Luba ta shiga aron rariya, ta iske ta tana zuba wa mijinta abincin rana. Kifi ne guda, daga kai har wutsiya, kwance a faranti yana sheƙi cikin jar miya, kamar yanzu zai motsa. Ƙaltume ta yago mata kaɗan ta ce ta ɗanɗana. Luba ta sa a baki, kafin ta ce za ta tauna har ya wuce. Ta tsaya da rariya a hannu tana kallon farantin. Ga abu mai laushin da ko jariri zai ci, amma duk wanda ya gan shi a gaban mutum, cewa zai yi mai gidan nan ya isa.

Da ta tambaya kawai a ranar, da an huta. To amma Luba 'yar mahauta ce, matar mahauci, a unguwar nan ita ake kira in za a yi girkin biki. Ta ce a ranta kifi ai ɗan ƙaramin nama ne, me za a koya mata a kansa?

Washegari ta aika bakin kogi aka sayo mata ƙarfasa babba. Ta yi mata yadda ta yi wa kowane nama tun tana budurwa. Ta jefa ta a tukunya da ruwa da albasa don ta fara tafasa ta, ta tura itace har wuta na lasar murfi, ta zuba kayan miya a kai, tana yi tana juyawa da ludayi don kada ya kama. Ta ba ta lokaci sosai kuwa, don a gidansu ba a gaggawar sauke nama. Da ta buɗe, sai ta nemi kifi ta rasa. Kai na yawo a gefe, wutsiya ta yi nata wuri, saura duk ya bi miya, ƙaya ko'ina.

Halliru ya leƙa kwanon ya ce, “Wannan fa? Fate kika yi mini da allurai?”

“Kifi ne, Malam.”

“Da can ma abin da ba shi da wuyan da za a ɗora wuƙa, ina ruwana da shi? Balle an tauna mini shi tun a tukunya.”

Ta sake gwadawa bayan kwana biyu, wannan karon a tsorace. Tana ganin fatar ta fara tsagewa ta yi maza ta sauke. Ya fito da kyansa kam, amma da ta ɓare shi, jikin ƙashin jajir yake, tsokar na manne kamar danƙo. Shi wannan ko Halliru bai gan shi ba, kyanwar gidan ce ta yi biki.

Daga nan Luba ta haɗiye girman kanta, ta yafa mayafi ta shiga wurin Ƙaltume. Ta ba ta labarin tukwanen biyu, ba ta dai faɗi dalili ba. Ƙaltume ta yi dariya har tana riƙe ciki.

“Yaya Luba, tafasa shi kika yi? Da ludayi kuma? Ya salam! Ke sa kika ɗauke shi?”

“To ba nama ba ne?”

“Naman sa wuta ke lallashinsa ya yi laushi. Shi wannan da laushinsa ya zo duniya. Abin da ke riƙe da shi ɗan kaɗan ne, in ruwa ya yi ta tsalle da shi, ko kika zungure shi, kalas, ya watse. Aikinki kawai zafi ya kai ƙashi ba tare da ya motsa ba.”

“To yaya za a yi ya dahu ba a juya ba?”

“Wannan sai a bakin murhu. Yaushe kike so?”

“Juma'a. A zaure za a ci.”

Ƙaltume ta dube ta, ta dubi katangar da ta raba gidajensu. Mace ce mai ido, kuma ita ma ta lura an daina jin muryar Halliru ranar Juma'a. Ba ta tambayi komai ba, ta ce Allah ya kai mu.

Saura shi gogan. Luba ta bari sai da ya sha shayin safe ranar Alhamis, sannan ta ce masa ta riga ta gaya wa matan Idrisa da Bobbo cewa gobe Malam zai yi wa abokansa wani abin da ba su taɓa gani ba a zaure. Idrisa shi ne babban amininsa a mayanka, Bobbo kuwa dillalin shanu ne, Bafulatani, wanda bakinsa bai iya riƙe labari ba. Halliru ya yi faɗa, ya ce da izinin wa, ya ce gobe yana da niyyar azumi. Ta ce ai ba a ware Juma'a ita kaɗai da azumi, shi ya koya mata. Ya ɗauki hularsa ya fita yana ƙunƙuni. Ta san ta ɗaure shi, ta kuma san in kifin nan ya watse, a gaban abokansa za ta kunyata shi, kuma da wuya ya sake zama a tabarmar nan.

Da sassafen Juma'a su biyu suka sauka bakin Binuwai. Damina ce, kogi ya cika, jiragen dakon auduga da gyaɗa na jere a tasha, masunta na fitowa da kamun asuba. Luba ta nufi wani ƙaton kifi, don idon mahauta babba yake so. Ƙaltume ta janye ta.

“Wannan kafin cikinsa ya ji wuta bayansa ya zama kunu. Ga namu can.”

Giwan ruwa ne matsakaici, wanda 'yan boko ke ce wa kapiten, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsu da ɗan ƙari. Ƙaltume ta danna shi da yatsa, tsokar ta dawo nan take. Ta ɗaga kumatunsa ta nuna wa Luba jan da ke ciki, ta ce ta dubi idon, garau. Kifin da ya kwana, in ji ta, tun bai ga tukunya ba ya fara rabuwa da kansa.

Wajen gyara kam Luba ba ta buƙaci malami ba. Ta kankare ɓawon tas, ta tsaga cikin kaɗan ta kwashe, ta cire na cikin kumatu, ta wanke da lemun tsami. Da Ƙaltume ta ce a yi masa tsaga a kaikaice a inda ya fi kauri don zafi ya sami hanya, amma kada a yanke shi har ƙashi, wuƙar Luba ta bi ta tsaya daidai inda ake so. Ƙaltume ta ce, “To, a nan kam ke ce malamata.” Suka shafe shi da gishiri ciki da waje, suka ajiye a inuwa don tsokar ta ɗaure.

Miya aka fara yi, ita kaɗai, babu kifi. Albasa, tumatir, tattasai da attaruhu, citta da tafarnuwa, aka soya a man gyaɗa aka bar ta ta dahu har mai ya taso. Luba ta ce wannan girki ne a juye, ina aka taɓa gama miya sannan a kawo nama? Ƙaltume ta ce miya ce mai jan lokaci, ita za ta jira kifi, shi ba ya jiran kowa.

Ta kawo tukunyarta, doguwa mai faɗin gindi, wadda ta ce wani kukun jirgi ya bar wa mijinta. Ta jera fasassun karan dawa a ƙasa, ta ɗora ganyen ayaba da ta ɗan kara a wuta don kada ya yage, ta bar bakinsa ya fito ta gefe biyu. Suka goge kifin ya bushe, suka kwantar da shi a kai, miƙe, ba lanƙwasa. Ta zuba miyar da zafinta ta gefe har ta kusa rufe bayansa. Sannan ta yi abin da ya ɗaga wa Luba hankali, ta zare itacen gaba ɗaya, ta bar garwashi zalla.

“Ƙaltume, kin kashe wutar!”

“Sa kunne ki ji. In yana ɗan ɓul, ɓul, a hankali, daidai ne. In ya fara surutu, rage garwashi. In kin ji hannunki na ƙaiƙayi, kama kunnuwan tukunya ki ɗan girgiza, ko ki ɗebi miya daga gefe ki yi masa wanka. Ludayi kada ya taɓa jikinsa.”

Ana cikin haka sai ga sallama daga ƙofa, wai surukar Ƙaltume ta sauka daga motar Marwa ba sanarwa, tana tsaye a tsakar gidansu da kayanta. Ƙaltume ta dafe kai. Ta miƙe tana gyara ɗankwali tana magana da sauri. In ana so a san ya dahu, a ja ƙayar da ke tsakiyar bayansa, in ta zaro ba gardama, shi ke nan. A kuma leƙa tsagar da ke kusa da kai da tsinke, a ga fari har ƙashi. In sama ya ƙi, a zuba garwashi a kan murfi. In an sauke a bar shi ya huta kafin a ɗaga.

“Ko gobara ake yi kada ki juya shi, Yaya Luba. Kin ji ko?”

Ta fice ta bar Luba da tukunya. Ban taɓa jin an azabtar da mace da zama irin na ranar ba. Hannun da ya shekara talatin yana juya miya, yau an ce ya kwanta. Ta ɗauki ludayi ta ajiye, ta share tsakar gida da ba ta da datti, ta dawo ta yi masa wanka da miya, ta sake komawa. Can ta kai ludayin ɗaki, sai ta tuna da shi za ta ɗebi miya, ta koma ta ɗauko.

Sai ta ji an sauko daga masallaci. Ga tarin Idrisa, ga muryar Bobbo yana “Jam na, jam na” da kowa, ga ƙarar kwanoni ana sauke su a zaure. Ta buɗe murfi ta ja ƙayar baya. Ƙayar ta ƙi. Ta leƙa da tsinke, can ƙasa akwai sauran ja.

In aka buɗe kwanonin can kafin nata ya fita, Halliru zai sami kansa gaban ganda da jijiya, ido cikin ido da mutanen da ya yi watanni yana gudu. Ga busasshen itace a gefenta, guda biyu kawai za ta tura, wuta ta tashi a gama. Duk abin da uwarta ta koya mata cewa yake ta tura. Har ta ɗauki ɗaya ta kai bakin murhu.

Halliru ya leƙo ta ƙofar ciki, fuska a murtuke. “Ke, ina abin naki? Mutane sun wanke hannu.”

Ta dubi itacen, ta dube shi. Sai ta jefar da itacen gefe. “A jira, Malam.”

“A jira? Da me zan riƙe su?”

“Kai da ka riƙe bijimi da hannu ɗaya? Ka ce kada wanda ya buɗe kwano sai naka ya zo.”

Ya koma yana hura hanci. Ta kwashi garwashi da marfin kwano ta baza a kan murfin tukunya, ta zauna a kujera ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinya. Daga zaure ta ji Halliru ya tayar da tsohon musu, wai shanun Bogo sun fi na Adamawa auki. Nan take Bobbo ya hau, yana rantsuwa da Fulatanci da Hausa. Allah ya yi wa Bobbo albarka, in aka taɓa shanun Adamawa mantawa yake da yunwa.

Da ta sake ɗaga murfin, idon kifin ya yi fari fat. Ta kama ƙayar baya da yatsu biyu, ta ja a hankali, sai ga ta ta zaro salin alin. Ta leƙa tsagar, fari har ƙashi. Ta sauke tukunyar ta bar ta a rufe, duk da tana jin musun zaure ya fara sanyi. Ta shimfiɗa shinkafa a babban tire, ta yi bisimilla, ta kama bakin ganyen ayaba hagu da dama ta ɗaga. Kifin ya taso gaba ɗayansa. Ta sauke shi a kan shinkafar, ta zame ganyen a hankali, ta malala masa miya. Ko wutsiyar ba ta karye ba.

Halliru ya zo ƙofar ciki ya karɓi tiren. Ya tsaya yana kallonsa, sannan ya juya ya shiga da shi. Luba ta lallaɓa ta tsaya jikin bangon zaure.

Sai Idrisa ya ce, “Halliru, kifi? A gidan mahauci? Gobe sai mu ji ka sayi kwalekwale.”

“Ku da kullum ganda, kullum jijiya, kamar an yi muku baki. Ku ci abin manya yau.”

Aka yi bisimilla. Daga nan ba ta ƙara jin magana ba sai motsin hannu da ƙarar tire. Ta kasa kunne tana neman muryar mutum ɗaya, har ta ji ta, yana cewa Bobbo ya janye hannunsa daga gefen nan, nasa ne. Da cikakken baki ya faɗa. Luba ta jingina da bango, daɗi ya kama ta har hawaye ya zubo mata.

Can Bobbo ya ce, “Idrisa, ga farfesun gidanka ba a taɓa ba.”

“Bar shi nan,” in ji Idrisa. “Wallahi ni yau na ci abinci. Ku bari in gaya muku gaskiya, rabona da tauna nama tun bara. Tsotsa nake in tura a aljihu, in kai wa karen mayanka.”

Zaure ya kece da dariya. Wani dattijo daga gefe ya ce shi haɗiyewa yake gaba ɗaya, shi ya sa kullum yake neman kanwa. Bobbo ya ce ashe shi kaɗai ke cin naman layin nan, shi ya sa yake ƙiba. Dariyar Halliru ta fi ta kowa ƙarfi, har da buga ƙafa a tabarma.

Sai bayan la'asar ya shigo da tiren. Babu komai a kai sai dogon ƙashi, fes, kamar an wanke. Luba na zaune tana kankare tukunyar Ƙaltume. Ya ajiye tiren, ya jawo turmi ya kifa ya zauna kusa da ita, abin da bai saba yi ba.

“Idrisa ya ce matarsa za ta zo ki koya mata.”

“Ta je wurin Ƙaltume. Ni zama kawai na yi.”

Ya zuba wa tukunyar ido. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “Tun yaushe kika sani?”

“Wa ke wanke kwanonka, Malam?”

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu cikin babbar rigarsa ya fito da wani ɗan ƙaramin kwano a rufe. Naman kumatun kifin ne da wata tsoka mai kauri ta baya, ya ƙwato su daga hannun Bobbo tun ana tsakiyar ci. Ya bi tsokar da yatsa ya zare wata siririyar ƙaya, ya miƙa mata. Sai a lokacin ta tuna ba ta sa komai a bakinta ba tun safe.

Ta ci, ta yamutsa fuska. “Innalillahi! Malam, gishiri ya yi yawa. Haka kuka ci shi?”

“Ni ban ji ba,” in ji Halliru. “Cinye.”